Man Birki a Ƙafar Zailani

Ranar Laraba ce, huɗu ga watan Agusta na 1976. An yi ruwa da asuba, ya ɗauke da hantsi, rana ta fito tana dukan jiƙaƙƙiyar ƙasa har tururi na tashi daga kunyoyin gero. A wannan rana na shigo ƙauyenmu 'Yargoje a kan babur ɗin da ba nawa ba.

Na wani akawu ne da ya saya da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta raba wa ma'aikata. Ya kawo shi garejin da nake koyon aiki a Ƙanƙara don a duba masa kafireto, maigidana kuma ya tafi Funtuwa sayen kayan gyara. Na gyara, na ce bari in gwada shi zuwa bakin kasuwa. Daga bakin kasuwa sai na ga hanyar gida a miƙe.

Gareji shi ne aikina na huɗu. Na bar makaranta a aji biyar, na yi yaron mota, na sayar da kananzir, na zauna wata biyu wurin wani tela. Ranar da Baba ya kai ni gareji, a gaban maigidan ya ce, "Mani, in ka bar nan ko anka kore ka, fartanya na jiran ka, kuma ban ƙara roƙon kowa dominka."

Na tarar da yayana Zailani a zaure, ya jingina da bango, ya ɗora ƙafarsa ta dama a kan turmi. Ya girme ni da shekara uku, amma baƙo kan ɗauka ni ne babba. Siriri ne, farin idonsa ya yi ɗorawa. Da sikila aka haife shi, abin da tsofaffi ke kira amosanin jini. Mu shida uwarmu ta haifa kafin ta rasu, biyu ciwon ya ɗauke tun suna ƙanana, shi ya tsaya. Tun yana shekara sha bakwai gyambo ke fito masa a idon sawu ta ciki. Na ƙarshen ya yi wata goma sha huɗu a buɗe, kuma da bazarar nan ya rufe. Malam Nata'ala, diresan ɗakin shan magani na Ƙanƙara, shi ya yi ta fama da shi har ya rufe. Abin da ya rage tabo ne mai sheƙi, fatar siririya kamar ɓawon albasa. Malam Nata'ala ya kafa masa doka: safa da takalmi kullum, ba gona, ba shiga ƙaya, ya riƙa shafa man basilin a wurin, in ya zauna ya ɗaga ƙafar.

Takarda ce a hannun Zailani. A shekarar gwamnati ta ce kowane yaro zai shiga firamare kyauta, ana ta neman malamai ido rufe. Zailani ya gama aji bakwai duk da kwance-kwancensa, ya yi ɗan kwas, sai ga takarda ta zo: an ba shi aji ɗaya a wata sabuwar makaranta a ƙauyen Sabuwa, ya bayyana ranar shida ga Satumba. Wata guda da kwana biyu ke nan ya rage. A gidanmu ba a taɓa samun mai albashi ba.

"Yaya, Kawu na Ƙetare ya ga takardar ga?"

"An aika mishi."

"Aike daban, gani daban. Tashi in kai ka. Malamin makaranta guda, ka zauna kamar kaza kan ƙwai."

"Babur ɗin wa ka sato?"

"Gwaji nike. Ko tsoro kake ji?"

Ya dubi babur ɗin, ja ne, tankinsa na ɗaukar ido. Bai taɓa hawa ba. Safarsa na kan igiya, Goggo ta wanke ba ta bushe ba. Goggo ƙanwar Baba ce, ita ta rene mu. Ta tafi gidan suna, Baba yana gona. Zailani ya zura silifa ya hau.

Na san matakin baya na dama ya saki. Ni da hannuna na ga ƙusar tana rawa da safe, na ce zan ɗaure daga baya. Ba mu kai rabin hanya ba muka shiga wani taɓo, bayan babur ya goce, matakin ya lanƙwashe, ƙafarsa ta sauka a kan salansa. Bai yi ihu ba. Kafaɗata kawai ya damƙa har na ji farcensa.

Muka tsaya gindin wata ɗorawa. Ƙunar ba ta fi kwabo girma ba, amma a gefen tabon ta sauka, ta ci rabinsa. Wurin ya yi fari, ya fara ɗurar ruwa.

"Kai ni wurin Malam Nata'ala," in ji shi.

Ɗakin shan magani yana kallon ofishin da mai babur ke aiki. Shi na fara tunawa, kafin ƙafar yayana.

"Yaya, wannan ai ba komi ba ne. Kullum muna ƙonewa a gareji." Na nuna masa hannuwana, duk tabon salansa da na injin. "Ka ga wanga? Kwana huɗu ya bushe. Muna da maganinmu, ya fi na asibiti sauri."

Ba ƙarya na yi masa ba a iya sanina. Duk bakanike a Ƙanƙara haka yake yi: in ka ƙone ko ka yanke, a zuba man birki, ka yi tsalle ka yi ashar, a ɗaure da tsumma, ka koma ƙarƙashin mota. Muna warkewa, muna cewa man ne. Ba wanda ya taɓa ce mana jikinmu ne ke warkar da kansa duk da man.

Na bi da shi ta bayan gari zuwa gareji. Na fasa ƙunar da bakin waya, na zuba man. Wannan karon ya yi ihu, har mai faci na kusa ya leƙo yana dariya, yana cewa, "Haka nan ne, ɗan boko, zafin shi ne maganin!" Na yage wata tsohuwar singileti na ɗaure. A hanyar komawa na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Ya ce, "Kwana huɗu ka ce?"

"Huɗu. Biyar in ya yi yawa."

Ya sa safa a kai, ba wanda ya lura. Na bar masa sauran man a kwalbar magani, na ce ya riƙa ɗigawa safe da yamma.

Kwana tara bayan haka Goggo ta aiko a kira ni. Wari ne ya tona. Ta ce tun shekaranjiya take jin sa a ɗakin, ta ɗauka ɓera ne ya mutu, sai ta ga ƙuda na bin safar Zailani. Na same shi kwance da zazzaɓi, ƙafar ta kumbura har ƙwauri. Baba yana tsaye a bakin ƙofa.

"Tambaye shi," Baba ya ce mini. "Tambayi malamin makaranta inda ya samo wannan."

Zailani yana kallon rufin ɗaki ya ce, "Na hwaɗa maka, Baba. Gona na zagaya in ga gero, kututture ya karce ni."

"Gona! Ni da ƙannenka mata muna noma don kai ka zauna, wata goma sha huɗu ana jigila da kai, kai kuma gero kake son gani. Gero bai taɓa ganinka ba ne?"

Na bar ƙaryar ta tsaya. Na je na samo a-kori-kura muka kai shi Ƙanƙara.

Malam Nata'ala dattijo ne gajere, tsohon ma'aikacin asibitin soja, ba ya gaggawa. Bai fizge tsumman ba. Ya sa ƙafar a cikin tasa, ya yi ta zuba ruwan gishiri har tsumman ya jiƙe ya saki da kansa. Abin da ke ƙasa ya kai faɗin bakin kofin shayi. Gefensa ya tashi, tsakiyarsa ruwan toka da mugunya, tsohon tabon duk ya narke. Ya daɗe yana dubawa. Ya sunkuya ya shinshina tsumman. Sannan ya ce Baba da Goggo su jira a waje, ni in tsaya in riƙe tasa.

"Kututture," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Tun da anka raba kuɗin Udojin ga kowa ya sayi babur, kowane mako sai na ga kututturen ga sau uku, kullum a ƙahwar dama, kullum ta ciki." Ya ɗago ya dube ni. "Kai ne bakaniken? Mi ka zuba?"

Na gyara riƙon tasar.

"Ba alƙali nike ba, yaro. Ina so in san abin da nike wankewa."

"Man birki."

"Sau nawa?"

"Safe da yamma," in ji Zailani. "Kwana takwas."

Malam Nata'ala bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ci gaba da aikinsa yana magana. Ya ce jinin mai sikila yakan lanƙwashe ya toshe ƙananan hanyoyi, idon sawu kuwa fata ce a kan ƙashi, ba nama, jini da ma da ƙyar yake isa can. Ciwon da zai bushe a ƙafata cikin mako, a ta Zailani sai ya yi shekara. Man birki kuma yana cin fenti a jikin mota, balle sabuwar fata. "Da kun zuba ruwan sanyi mai tsabta na ɗan lokaci, kun bar ƙunar ba ku fasa ba, kun rufe da ƙyalle wankakke kun zo nan ranar, da wataƙila mun tare shi. Ban ce tabbas ba. Wataƙila."

Ya sa hantsaki da almakashi yana cire mataccen nama a hankali. Zailani ya cusa hularsa a baki. An yi masa allurar rigakafin sarƙewar haƙora, aka fara masa ta fenisilin saboda kumburin da zazzaɓin, aka ba shi ƙwayar rage zafi da ta ƙarin jini da ya saba sha. Daga ƙarshe Malam Nata'ala ya ɗora wata leda mai haske a kan gyambon, ya zana iyakarsa da biro, ya rubuta kwanan wata.

"Malam," in ji Zailani, "shida ga Satumba."

"Na sani."

"Zai rufe?"

"A'a."

Ya juyo kaina. "Ni ba ni iya zuwa 'Yargoje kullum. Kai ka iya zuba abu a ciwo safe da yamma, to yanzu za ka koyi na gaskiya."

Kwana biyar Zailani ya yi a ɗakina na Ƙanƙara ana gama allurai, ni kuma ina koyo. Sannan muka koma gida, na riƙa zuwa gareji da keke ina dawowa. Kowace safiya in wanke hannuna da sabulu har gwiwar hannu, in kankare baƙin mai daga farcena. In tafasa ruwa, rabin lita da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, in bar shi ya huce a rufe. In jiƙa tsohon ɗauri har ya saki. In wanke daga tsakiya zuwa gefe, audugar da ta taɓa sau ɗaya ba ta komawa. Ba gurzawa, don jan naman da ke tsirowa shi ake nema. In shimfiɗa ƙyalle mai raga da aka shafe da basilin don kada ya manne, in sa auduga, in naɗa bandeji tun daga gindin yatsu har ƙasan gwiwa, da ƙarfi amma yadda yatsana zai iya shiga. Ƙafar ta hau kan buhunan dawa biyu, ta fi ƙugunsa tudu, ba ta sauka sai don alwala da bayan gida. Bandejin jiya a wanke, a tafasa, a shanya. Ran Juma'a mu je a duba a sake zane.

Goggo ta kawo garin wani ɓawo daga wurin 'yar'uwarmu ta Mairuwa, ta ce an gwada a kan gyambon wani mutum ya bushe. Na ce Malam ya hana a sa komai. Ta ce, "Oh, Mani ya zama likita." Ba da gatse ta faɗa ba, da alfahari ne. Abin da ya fi damuna ke nan. Gari duk ya ɗauka. A masallaci ana nuna ni, ana cewa yaron nan da ba ya zama wuri ɗaya, ga shi ciwon ɗan'uwa ya zaunar da shi. Wata rana Baba ya ba ni cinyar zabo a gaban kowa ya ce, "Ci, kai ka wahala." Zailani yana kwance yana kallon mu ta ƙofa. Na ci. Ban san yadda zan ƙi ba.

Shi kuwa Baba ya daina shiga ɗakin Zailani. In zai wuce sai ya ce wa Goggo, "A tambayi mai son ganin gero ko yana buƙatar wani abu."

Azumi ya kama. Malam Nata'ala ya ce kada Zailani ya yi, ƙishirwa na tayar da ciwon ƙashi, ya sha ruwa da yawa, liman ma ya ce mara lafiya yana da rangwame. Sai ya zama shi kaɗai ke shan ruwa a gidan da rana, yana juya fuska bango in zai sha.

Na rubuta wa hedimastan takarda da bakin Zailani, na kai ta Sabuwa da kaina, mota uku na hau. Makarantar rumfa biyu ce ta zana da allo jingine a bishiya, tafiyar awa guda a ƙasa daga inda mota ke tsayawa, rafi biyu a tsakani. Yara sun fi ɗari da hamsin, malami biyu. Hedimastan mutumin kirki ne. Ya ce zai riƙe wurin har mako guda bayan Sallah, fiye da haka ba ya iyawa, don yara na zaune ba mai koya musu. A hanyar dawowa ina tsallake rafin na san ƙafar da ke kan buhunan dawa ba za ta taka nan ba.

Amma ban faɗa wa Zailani haka ba. Na ce an ƙara mana wata guda.

Zanen leda yana raguwa, sai dai kamar da gangan. Mako guda ya ci faɗin ƙwayar gero ta gefe ɗaya. Wani makon bai motsa ba sam, don Zailani ya tashi ya yi ta gwada tafiya a tsakar gida da ba kowa, ƙafar ta sake kumbura. Da na yi masa magana washegari ina wankin, ya ce, "Kai za ka yi mini faɗa?"

"Yaya, bari in hwaɗa wa Baba."

"Ka hwaɗa mishi mi? Yanzu da ka ci zabo?"

Na sunkuyar da kai ina matse auduga.

"Kana tsammani don kai na yi shiru?" ya ce. "Rana ta farko don kai ne. Sauran kwana takwas ɗin fa? Ni na riƙa ɗiga shi da hannuna. Ina da takardar koyar da 'ya'yan mutane, Malam Nata'ala ya yi shekara yana karanta mini dokar ƙahwar ga, na zauna ina zuba mata man mota don yaron da bai gama aji biyar ba ya ce kwana huɗu. Gara a ce gero na tahi gani." Ya ja numfashi. "Ka matse da yawa. Sassauta."

Na warware na sake naɗawa.

Juma'ar bayan Sallah Malam Nata'ala ya jera ledojin a kan tebur, bakwai, ya ɗora ta ƙarshe a kan ta farko. An ci kamar kashi ɗaya cikin uku. Naman ya yi ja mai kyau, ba wari.

"Yana tahiya daidai," ya ce.

"In na ɗaure shi sosai na tahi haka nan fa?" in ji Zailani. "Mani ya koya mini wankin."

"Ka tsaya gaban allo tun safe har azahar, ka ratsa rafi, ba ɗakin magani kusa? Kafin girbi ya ƙare zai zagaye ƙahwar kamar munduwa. Na ga wanda ya kai ƙashi. Ƙahwarka ce, Malam Zailani, ba ni hana ka. Amma ka tambaye ni."

Shi ne mutum na farko da ya kira shi Malam. Zailani ya daɗe yana kallon ledojin, sannan ya ce in samo takarda da biro. Da hannunsa ya rubuta wa hedimastan cewa a ba wani.

Da la'asar muka isa gida. Baba yana zaure yana gyaran igiyar shanu. Da ya ji Zailani ya haƙura da aikin, bai ɗago ba. Ya ce, "To. Allah ya kawo abinci har bakin ƙofa, mutum ya sa ƙahwa ya ture. Ka ga gero yanzu, sai ka ci shi."

Zailani yana dogare da kafaɗata. Na zaunar da shi a kan tabarma, na ɗora ƙafar a kan turmi, na durƙusa gaban Baba na faɗi komai: babur ɗin akawu, matakin da na san ya saki, salansa, waya, man birki, roƙon da na yi. Goggo ta fito ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida da ludayi a hannu.

Na zaci mari. Baba ya ajiye igiyar, ya dube ni, ya dubi Zailani.

"Wata biyu," ya ce. "Wata biyu kuna kallo ina zagin mara lahiya."

Ya tashi ya shiga takalmansa. A bakin zaure ya tsaya kamar zai ce wa Zailani wani abu, bakinsa ya motsa, sai ya fita. Ba lokacin salla ba ne, amma masallaci ya nufa.

"Ka ji daɗi yanzu?" in ji Zailani.

"A'a."

"To ɗauko ruwan. Bandejin ya zame a mota."

Gyambon ya rufe a watan Mayu na shekarar da ta biyo, wata tara bayan ƙunar. Ni na wanke shi har ranar ƙarshe. Ba wanda ya kai wa maigidana maganar a gareji, ni na daina zuwa da kaina, don ba na iya jin warin man nan.

Abin da aka rasa shi ne: aji ɗaya a ƙauyen Sabuwa, wanda aka ba wani yaro ɗan Faskari. Wata tara na rayuwar Zailani a kwance. Lanƙwasar idon sawunsa na dama, wanda ya ƙage, har yau da ɗingishi yake tafiya. Aikina na huɗu. Da wata biyu na magana tsakanin Baba da babban ɗansa.